Tambayoyi da Amsoshi: Yadda za ka gane ko modal ɗinka ya koya ne ko haddacewa kawai ya yi

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan samu daga ɗaliban kwamfuta na Birnin Kebbi da Aliero, musamman masu aikin kammala digiri a kan koyon na'ura. Kusan kullum labarin ɗaya ne: ɗalibi ya zo yana murmushi, ya nuna mini allo, modal ɗinsa, wato tsarin da ya koyar da bayanai don ya riƙa yin hasashe, ya ci kashi 99 cikin 100. Sai na tambaye shi, a kan waɗanne bayanai aka auna? Daga nan hira ke canzawa. Na ɗauki misali guda na bi shi tun daga farko har ƙarshe, wato hasashen yawan buhunan shinkafar da kadada ɗaya za ta bayar a noman rani. Duk alƙaluman da ke cikin misalin ni na tsara su don bayani, ba sakamakon wani bincike ba ne.

Malam, mene ne `overfitting` da `underfitting` a taƙaice?

Haka za ka gan su a rubuce a allo da cikin takardun manhajoji. Ni a aji ina kiran na farkon karatun aku, na biyun kuma shan ruwan tsuntsaye, kuma da waɗannan sunayen zan ci gaba.

Ka ɗauki ɗalibai biyu masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Na farko ya tara tsofaffin tambayoyi, ya haddace cewa amsar ta bakwai ita ce ta uku, amsar ta takwas ita ce ta farko, ba tare da ya san dalili ba. In ka maimaita masa waɗannan tambayoyin zai cinye su duka. In ka sauya lamba ɗaya a cikin lissafin, ya faɗi. Wannan shi ne karatun aku: modal ya kama har abubuwan da suka faru bisa haɗuwa kawai a cikin bayanan da aka koyar da shi da su, ya ɗauke su a matsayin doka.

Na biyun ya leƙa littafi sama-sama, abin da ya riƙe kawai shi ne "a lissafi ana tarawa ana debewa". Tsofaffin tambayoyi sun gagare shi, sababbi ma sun gagare shi. Wannan shi ne shan ruwan tsuntsaye: modal ɗin bai da zurfin da zai kama dangantakar da ke akwai da gaske.

Dukansu biyu faɗuwa suke yi a jarrabawa. Bambancinsu shi ne na farkon yana yaudarar mai shi kafin ranar, shi ya sa ya fi haɗari.

Me ya sa ba zan auna modal da bayanan da na koyar da shi ba?

Saboda ba don su ka gina shi ba. Gonakin da ke cikin fayil ɗinka an riga an girbe su, an san abin da suka bayar. Abin da kake so shi ne modal ya faɗa maka abin da gonar da bai taɓa gani ba za ta bayar. Kuskurensa a kan bayanan koyo kuwa kusan kullum raguwa yake yi in ka ƙara masa zurfi, ko da zurfin ba ya ƙara masa sanin komai. Ma'aunin da ba ya iya nuna maka lokacin da ka wuce gona da iri ba ma'auni ba ne.

Maganin shi ne ka ware wani kaso na bayanan tun kafin a fara, ka ɓoye shi daga modal ɗin. Su ne bayanan tantancewa. Bayan ya gama koyo sai ka fito da su, ka kwatanta hasashensa da abin da aka girba da gaske.

To, yaya ake rabawa? Nuna mana da misali.

A ce ka tattara bayanan gonaki 600 a fadamun Argungu da Suru da Bunza da Jega. Kowace gona ka rubuta irin da aka shuka, ko `FARO 44` ne ko wani, ranar dashe, buhun takin NPK da na yuriya nawa aka zuba, sau nawa ake ban ruwa a mako, da irin ƙasar. Abin da kake son hasashe shi ne buhu nawa aka samu a kadada.

Sai ka raba gida uku. Gonaki 360 na koyo ne. Gonaki 120 na tantancewa ne, da su za ka zaɓi modal ɗin da ya fi. Sauran 120 na gwajin ƙarshe ne, ka kulle su, kada ka taɓa sai ranar da ka gama komai. A manhajar `scikit-learn`, inda `X` yake bayanan gonakin, `y` kuma yawan buhunan, ana yi ne a mataki biyu:

```python
X_koyo, X_saura, y_koyo, y_saura = train_test_split(
    X, y, test_size=0.4, random_state=1)
X_tant, X_gwaji, y_tant, y_gwaji = train_test_split(
    X_saura, y_saura, test_size=0.5, random_state=1)
```

Rabon 60 da 20 da 20 ba wahayi ba ne. Mai bayanai miliyan ɗaya zai iya ware kashi biyu cikin ɗari kawai, ya ishe shi, domin layi dubu ashirin ne. Abin lura shi ne yawan layukan da ke gidan tantancewa, ba kason ba.

Bayan rabawa, me zan duba?

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan daɗe a kai.

Da farko kana bukatar ma'aunin kuskure mai ma'ana. A wannan aikin na fi son `mean_absolute_error`, wato a ɗauki tazarar da ke tsakanin hasashe da gaskiya a kowace gona, a fitar da matsakaicinta. Daɗinsa shi ne da buhu yake fitowa. In ya nuna 6, ma'anarsa modal yana kuskurewa da kusan buhu shida a kadada, sama ko ƙasa. Ko manomin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai gane wannan, zai kuma faɗa maka ko da amfani ko babu.

Na biyu, kafin ka gina komai, ka auna hasashen malalaci: wanda zai ba kowace gona matsakaicin abin da gonakin koyo suka bayar, ba tare da ya dubi taki ko ruwa ba. A ce kuskurensa buhu 11 ne. Wannan ita ce sandar da kowane modal zai tsallake. Ɗalibai da yawa ba sa yin wannan, shi ya sa ba sa sanin ko sakamakonsu abin yabo ne.

Yanzu mu ɗauki bishiyar yanke shawara, `DecisionTreeRegressor`. Aikinta yin tambayoyi ne a jere. An zuba yuriya fiye da buhu biyu? In e, an yi dashe kafin watan Fabrairu? Haka take rarraba gonaki har ta kai ganye, inda take ba da hasashe. Yawan tambayoyin da aka yarje mata ta jera shi ne zurfinta, `max_depth`. Za mu gwada zurfi dabam-dabam, kowane mu auna shi sau biyu.

```python
for z in [1, 2, 4, 5, 6, 8, None]:
    m = DecisionTreeRegressor(max_depth=z, random_state=1)
    m.fit(X_koyo, y_koyo)
    print(z,
          mean_absolute_error(y_koyo, m.predict(X_koyo)),
          mean_absolute_error(y_tant, m.predict(X_tant)))
```

A ce wannan ne ya fito:

| Zurfi | Kuskure a koyo | Kuskure a tantancewa |
|---|---|---|
| 1 | 9.6 | 9.9 |
| 2 | 8.1 | 8.5 |
| 4 | 5.9 | 6.6 |
| 5 | 5.2 | 6.4 |
| 6 | 4.3 | 6.9 |
| 8 | 2.4 | 8.0 |
| Ba iyaka | 0.0 | 9.1 |

Bi layin tsakiya da ido: sauka kawai yake yi har ya kai sifili. Wanda shi kaɗai yake kallo zai rantse cewa na ƙarshen ne gwani. Layin dama kuwa ya sauka, ya kai ƙasa wajen zurfi na huɗu da na biyar, sannan ya juya ya fara hawa.

A zurfi na ɗaya lambobin biyu suna kusa da juna, amma dukansu manya ne, da ƙyar suka fi hasashen malalaci. Tambaya ɗaya tak bishiyar ta yi, ta raba gonaki 360 gida biyu. Wannan ita ce alamar shan ruwan tsuntsaye: kuskure babba a duka ɓangarorin, tazara ƙarama.

A can ƙasa kuwa, kuskuren koyo sifili, na tantancewa 9.1. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Kowace tambaya tana ninka rassa biyu, saboda haka bishiya mai zurfi tara tana iya samun ganye har 512, alhali gonakin koyo 360 ne. In ba a taka mata birki ba, za ta ci gaba da rarrabawa har kusan kowace gona ta samu ganyenta ita kaɗai. Ba ta koyi komai game da shinkafa ba a matakan ƙarshen, rajistar gonaki kawai ta rubuta. Kuma ka sani, idan ba ka sa `max_depth` da kanka ba, haka manhajar take barin ta, ba iyaka. Mafi yawan kashi 99 da ake kawo mini daga nan suke fitowa.

Mene ne ainihin abin da take haddacewa? Ai bayanan gaskiya ne.

Gaskiya ne, amma ba duk abin da ke cikinsu ne ke maimaita kansa ba. Wata gona a Suru ta yi komai daidai, sai tsuntsaye jan-baki suka sauka mata ana saura mako biyu girbi. Wata injin ban ruwanta ya lalace kwana biyar lokacin da shinkafa ke ciki. Wani manomi ya ce gonarsa kadada ɗaya ce, alhali da ido ya auna. Buhun ma ba ɗaya ba ne, na wani ya sha dannawa, na wani sako-sako ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin ginshiƙan fayil ɗinka.

Bishiya mai zurfi ba ta san da tsuntsaye ba. Abin da ta gani shi ne gonar da aka dasa ranar kaza, da yuriya buhu uku, ta ba da buhu ashirin kacal. Sai ta ƙirƙiro doka: duk wanda ya dasa a wannan ranar da wannan takin zai yi asara. Ranar da sabuwar gona ta faɗa cikin wannan ganyen, za a yanke mata hukuncin tsuntsayen da ba su taɓa zuwa wajenta ba.

Daga nan ne za ka fahimci cewa akwai iyakar da kuskure ba zai sauka ƙasa da ita ba, komai gwanintar modal, muddin bayanan su ne waɗannan. In wani ya ce mini yana hasashen amfanin gona da kuskuren rabin buhu daga tambayoyin da aka yi wa manoma da baki, ban taya shi murna, zama nake mu binciki inda ruwa ke shiga.

Tazara nawa ce tsakanin lambobin biyu za a kira karatun aku?

Babu wata lamba da aka yanke. Kuma tazara ita kaɗai ba laifi ba ce. Dubi teburin: a zurfi na biyar tazarar ta fi ta zurfi na biyu girma, duk da haka na biyar ɗin ya fi amfani nesa ba kusa ba. Ba ƙaramar tazara kake nema ba, ƙaramin kuskuren tantancewa kake nema. Abin tsoro shi ne lokacin da na koyo ke ci gaba da sauka, na tantancewa kuma yana hawa.

Kenan zurfi na biyar zan ɗauka, tunda 6.4 ya fi 6.6?

Ni dai na huɗu zan ɗauka. Gonaki 120 ba su da yawan da za su raba gardama tsakanin waɗannan lambobin. In kuskuren gona-gona yana warwatsuwa da kusan buhu 5, to rawar da matsakaicinsa ke yi ita ce 5 a raba da tushen 120, wanda ya kusa rabin buhu. Bambancin 0.2 bai kai wannan ba. Ka sauya `random_state` ka sake rabawa, za ka iya ganin sun yi musayar matsayi. In biyu sun yi kunnen doki haka, mai sauƙin ya fi, domin ya fi wuyar ɗauko shara kuma ya fi sauƙin yi wa malamin gona bayani.

Bayanaina kaɗan ne, gonaki 150 kawai. Ina zan samu na warewa?

Sai ka yi tantancewa ta karɓa-karɓa, wadda `cross_val_score` ke yi, amma ka sa masa `scoring='neg_mean_absolute_error'` domin kuskuren ya fito da buhu, sai dai da alamar debewa a gabansa. A raba bayanan gida biyar, a koyar da huɗu a auna da ɗaya, sannan a juya, har kowane gida ya taɓa zama na awo. Za ka samu lambobi biyar maimakon ɗaya. Ka dubi matsakaicinsu, ka kuma dubi yadda suka bambanta. In ɗaya ta ce 5 wata ta ce 10, wannan ma labari ne: bayananka ba su isa ka yi alƙawari mai ƙarfi ba.

Na gano karatun aku ne. Me zan yi?

Ka rage wa modal ɗin 'yanci. A bishiya, ka rage zurfi, ko ka sa `min_samples_leaf=20`, wato kada a yi ganyen da bai ƙunshi gonaki ashirin ba, ta yadda gona ɗaya mai tsuntsaye ba za ta kafa doka ba. Ka cire ginshiƙan da ba su da hujja, irin lambar rajistar manomi. Ko ka koma `RandomForestRegressor`, wanda ke gina bishiyoyi da yawa a kan ɓangarori dabam-dabam na bayanan ya fitar da matsakaicinsu, sai kurakuransu su riƙa kashe juna. Ƙarin bayanai ma magani ne, in akwai kuɗin mai da na masu zagayawa.

Masu aiki da modal mai zurfin layuka, wanda ke koyo zagaye-zagaye, za su ga wannan hoton a kan lokaci: `loss`, wato kuskuren koyo, yana ta sauka, `val_loss`, wato na tantancewa, ya sauka sannan ya juya. A nan ana tsayar da koyon ne a inda ya juya, kuma a `Keras` abin da `EarlyStopping` ke yi kenan. Kada ka manta da `restore_best_weights=True`, in ba haka ba modal ɗin zagayen ƙarshe za a bar maka, ba na zagayen da ya fi kyau ba.

In kuma shan ruwan tsuntsaye ne fa?

Ƙarin bayanai ba zai cece ka ba. Bishiya mai tambaya ɗaya, ko gonaki dubu goma ka ba ta, gida biyu za ta raba su. Ko dai ka ƙara mata zurfi, ko ka nemo abin da ke tasiri da gaske wanda ba ka rubuta ba, kamar kwanakin da iri ya yi a bedi kafin dashe. Haka nan in ka sa miƙaƙƙen layi ya bi taki, zai ɗauka kowane ƙarin buhu yana ƙara amfani daidai da na baya, alhali kowane manomi ya san akwai inda ƙarin taki ke daina biya.

In kana shakkar wanne ke damunka, ka koyar da gonaki 90, sannan 180, sannan 360, kana auna kuskuren tantancewa kowane karo. In har yanzu sauka yake yi, ƙarin bayanai zai taimaka. In ya kwanta kusa da na koyo, ka ajiye kuɗin zagaye ka gyara modal ɗin.

Shin bayanan tantancewa na iya yin ƙarya?

Sosai ma, kuma wannan ya fi karatun aku na fili wahalar kamawa, domin duka lambobin biyu za su yi kyau.

Hanya ta farko ita ce amsar ta sulale cikin tambaya. A ce cikin ginshiƙanka akwai yawan zakkar da manomi ya fitar. Zakkar amfanin gona kaso ne sananne na abin da aka girba, ɗaya cikin goma in ruwan sama ne, ɗaya cikin ashirin in an sha wahalar ban ruwa. Modal zai ninka kawai ya fitar da amsa, a koyo da tantancewa duka, ka ga sakamako kamar a mafarki. Amma a ranar da kake bukatar hasashe, shinkafa tana tsaye a gona, ba a fitar da zakka ba tukuna. Haka kuɗin masu sussuka da yawan buhunan da aka saya don zubawa. Kowane ginshiƙi ka tambayi kanka: zan san wannan a ranar hasashe?

Ta biyu ita ce 'yan gida ɗaya su rarrabu. Manomi ɗaya yana da filaye huɗu a jere, ƙasa ɗaya, inji ɗaya, hannu ɗaya. Rabon caca zai jefa uku a koyo, ɗaya a tantancewa. Modal zai gane maƙwabciyarta ce, ya kwafi amsar. In burinka shi ne modal ya yi aiki a ƙauyen da bai sani ba, to ƙauye-ƙauye za ka raba, kuma `GroupKFold` an yi shi ne don haka. Kada ka yi mamaki in kuskuren ya tashi daga 6 zuwa 8. Takwas ɗin ce gaskiya.

Ta uku ƙarama ce amma ana yawan yin ta: cike gurabun da babu komai, ko daidaita ma'aunin ginshiƙai, ta amfani da dukan bayanan kafin a raba. Ka raba tukuna, ko ka sa matakan cikin `Pipeline` domin a riƙa lissafa su daga ɓangaren koyo kawai.

Me ya sa sai an ajiye gida na uku? Tantancewar ba ta isa ba?

Domin kai ma kana iya yin karatun aku. Duk lokacin da ka dubi sakamakon tantancewa ka gyara wani abu, ka ɗan koyi wani abu game da waɗannan gonaki 120 na musamman. Gwaji bakwai kamar na teburinmu ba wani abu ba ne. Amma in ka gwada haɗi ɗari biyu ka ɗauki wanda ya fi, akwai yiwuwar sa'a ce ta ɗaga shi, kamar yadda cikin mutum ɗari biyu masu canke ba za a rasa wanda ya dace ba. Lambar da ya ci ta fi ƙarfinsa na gaskiya.

Gidan gwajin ƙarshe bai shiga kowace shawara ba, shi ya sa shaidarsa ke karɓuwa. Ka buɗe shi sau ɗaya. In ya nuna 6.9, to 6.9 za ka rubuta a rahotonka, ba 6.6 ba. In ka ga bai yi maka daɗi ba ka koma ka gyara ka sake aunawa, ya riga ya zama gidan tantancewa na biyu.

Modal ɗina ya ci duk waɗannan, amma da aka kai shi fili bana bai yi kyau ba. Karatun aku ne?

Ba lallai ba. Tantancewa tana faɗa maka yadda modal zai yi ne a kan gonaki irin waɗanda ka tattara, a yanayi irin wanda ka tattara su. In bayananka na rani ne, ba su da ta cewa a kan shinkafar damina. Wanda ya koyar da modal da shekarun da ruwa ya zo daidai, ba abin da zai sa ya hango ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Tsadar man fetur ma tana canza yadda mutane ke ban ruwa, wasu sun koma injin hasken rana, sai dangantakar da modal ya koya ta goce.

In kana da bayanan shekaru da dama, ka raba su bisa lokaci: ka koyar da na shekarun baya, ka tantance da na shekarar da ta biyo, kada ka cakuɗa su. Sannan bayan an fara amfani da modal ɗin, kowane girbi ka samo gonaki ko da hamsin ne, a auna faɗinsu da na'ura, a ƙirga buhunansu, ka kwatanta da abin da ya hasasa. In kuskuren ya haura abin da gwajin ƙarshe ya nuna kaka biyu a jere, sai a haɗa sababbin bayanan da tsofaffin a sake koyar da shi daga farko.